Kamasho mai matakai: kowane kaso a kan yankinsa

An ciro wannan rubutu daga muryar wata lacca da wani kontabul ya yi wa dillalai, ƴan talla da masu kantunan sari a Tawa. An rage gaisuwa da maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa cikin wannan rana.

Ku fiddo waya, ku buɗe wurin lissafi, don yau tare za mu buga. Zan ɗauki misalin wani kantin sarin kayan gini, mai kwano da fenti da ƙarfe, wanda yake da yaro mai zagayawa Konni, Madawa da Abalak yana samo masu saye. Yarjejeniyarsu ta ce: cinikin wata daga farko zuwa miliyan 2, kamasho kashi 2 cikin 100. Abin da ya haura miliyan 2 zuwa miliyan 5, kashi 3. Abin da ya haura miliyan 5, kashi 5. A watan da muke magana, yaron ya yi cinikin miliyan 6 da jika 400. Nawa ne kamashonsa?

Na ji wani can baya ya ce jika 320. Na san inda ka samo ta: ka ga ciniki ya wuce miliyan 5, sai ka buga kashi 5 a kan kuɗin gaba ɗaya. Amma yarjejeniyar cewa ta yi abin da ya haura. To, mu yanka kuɗin. Miliyan 2 na farko, kashi 2, jika 40 ke nan. Daga miliyan 2 zuwa miliyan 5 akwai miliyan 3, kashi 3 ɗinsu jika 90. Abin da ya rage sama da miliyan 5 shi ne miliyan 1 da jika 400, kashi 5 ɗinsa jika 70. A haɗa 40 da 90 da 70, an samu jika 200. Wannan shi ne haƙƙin yaron. Da Alhaji mai kanti ya biya 320, da jika 120 sun fita daga aljihunsa a wata guda, a kan yaro ɗaya. Masu albashi a cikinku sun san wannan tsari, domin harajin albashi, wanda ake rubutawa ITS a takardar biya, haka ake yanka shi mataki mataki, ba a ɗora babban kaso a kan albashin duka.

Kafin in wuce, akwai yarjejeniyar da take cewa in ka kai mataki kaza, sabon kason ya hau kan cinikin gaba ɗaya. Wannan halal ne in an yarda da shi, wasu iyayen gida da gangan suke yi don yara su ƙara zafin nema. Don haka aikin farko na mai duba takardar kamasho shi ne ya karanta yarjejeniya ya ga wanne ne daga cikin biyun. Abin da ya fi kawo rigima shi ne takardar da ta jera matakai kawai, kaza zuwa kaza kashi kaza, ba tare da ta faɗi a kan me za a buga ba. In taku haka take, ku zauna da maigida yau, ku sa misali ɗaya da alƙaluma a ƙasan takardar, kowa ya sa hannu.

Ni dai a ganina tsarin yanki ya fi lafiya, ga dalili. A tsarin bugawa a kan duka, wanda ya tsaya a miliyan 5 cif yana samun kashi 3, jika 150. Wanda ya ƙara dala ɗaya tak ya koma kashi 5, jika 250. Dala ɗaya ta jawo jika 100! Duk yaron da ya ga haka, ranar 30 ga wata zai roƙi wani abokinsa mai kanti ya karɓi kaya da sunan saye, bayan an biya kamasho a dawo da su. A tsarin yanki, dala ɗayar nan ba ta ƙara masa ko tamma ɗaya ba, babu abin da zai sa shi wannan dabara.

Yanzu ga yadda nake duba takarda in an miƙo mini. Ban fara da kamashon ba, da yankunan nake farawa. Ina neman a nuna mini nawa aka sa a kowane mataki, sai in haɗa su. Dole jimlarsu ta dawo daidai cinikin watan. A misalinmu, 2 da 3 da 1 da jika 400 sun ba da miliyan 6 da jika 400, shi ke nan. Akwai kuskuren da na sha gani: mai lissafi ya san a yanka ake yi, amma a mataki na biyu ya manta ya cire miliyan 2 na farko, ya buga kashi 3 a kan miliyan 5. Sai ya samu 40 da 150 da 70, jika 260. Kamashon ba ya nuna alamar ɓata, yana tsakanin 200 da 320, kowa zai iya yarda da shi. Amma in ka haɗa yankunan sai ka ga miliyan 8 da jika 400, alhali yaron bai yi wannan ciniki ba. An biya shi sau biyu a kan miliyan 2 na farko. In kuma jimlar yankunan ta kasa cinikin, to wani yanki ya faɗi a hanya, kuma yaron ne aka cuta. Shi ya sa takardar da ta zo da layi ɗaya, ciniki kaza, kamasho kaza, ba na karɓarta. A koma a fiddo mini mataki mataki.

Gwaji na biyu ba ya cin minti ɗaya. Ka raba kamasho da ciniki. Jika 200 a kan miliyan 6 da jika 400 ya ba da kashi 3 da ɗan ɗoriya. A tsarin yanki wannan sakamakon ba zai taɓa kai wa babban kaso ba, komai yawan ciniki, saboda yankunan ƙasa suna ja da shi baya. In ka raba ka ga kashi 5 cif, ka san an buga a kan duka.

Sannan in kuɗin da yawa, nakan sake lissafin ta wata hanya dabam, don in bi hanyar mai lissafi zan iya faɗawa ramin da ya faɗa. Ina buga kashi 2 a kan cinikin duka, jika 128. Sai ƙarin kashi 1, wato bambancin 2 da 3, a kan abin da ya haura miliyan 2, miliyan 4 da jika 400 ke nan, ya ba da jika 44. Sai ƙarin kashi 2, bambancin 3 da 5, a kan miliyan 1 da jika 400, jika 28. A haɗa 128 da 44 da 28. Nawa kuka samu? Madalla, 200.

Ga masu aiki da Excel, yawancin ɓarnar daga layi ɗaya take fitowa. Kada ka kalli adadin da ke cikin gidan, danna shi ka karanta abin da aka rubuta a sama. A ce cinikin watan yana gidan B2, in ka ga irin wannan, a kan duka yake bugawa:

```
=SI(B2>5000000;B2*5%;SI(B2>2000000;B2*3%;B2*2%))
```

Haka ma wanda ya ɗauko kaso ɗaya da RECHERCHEV ya ninka shi da B2. Mai yanka daidai ga shi:

```
=MIN(B2;2000000)*2%+MAX(0;MIN(B2;5000000)-2000000)*3%+MAX(0;B2-5000000)*5%
```

Aikin MAX da sifilin nan shi ne kada yankin da ba a kai ba ya koma ƙasa da sifili ya ci kamashon ƙasa. Ka gwada shi a bakin iyaka: sa 5000000, ya kamata ka ga 130000. Sa 5000005, ya kamata ka ga kusan abu ɗaya. In ya yi tsalle, akwai magana. Wanda injinsa ke Turancin Ingilishi, waƙafi zai sa a madadin alamar da ke raba sassan.

To amma yanka na iya zama daidai, kuɗin da aka yanka ya zama ba shi ba ne. A nan Nijar babban kason TVA kashi 19 ne. Faktir tana nuna adadi biyu, HT kafin haraji da TTC bayan haraji. Cinikinmu na miliyan 6 da jika 400 in an ɗora masa haraji ya zama miliyan 7 da jika 616. Ƙarin miliyan 1 da jika 216 na gwamnati ne, ratsawa kawai yake yi ta hannun maigida. In mai lissafi ya ɗauko TTC, ƙarin nan duka a matakin sama zai sauka, inda kason ya fi tsada, kamasho ya ƙaru da CFA 60,800. A wani watan ma harajin ne kaɗai zai tsallakar da yaro zuwa matakin da cinikinsa bai kai ba. In yarjejeniya ta ce HT, ka ɗauki faktir biyu ko uku na watan ka gwada su da jerin da ke bayan takardar kamasho, za ka gane wane adadi aka kwafa.

A nan wata mai kantin sari ta ɗaga hannu ta ce: Malam, in mai saye ya dawo da kaya bayan na riga na biya yaro kamasho, da wane kaso zan cire?

Hajiya, kin taɓo inda ya fi wuya. A ce daga cinikin nan an dawo da kayan miliyan 1 da jika 600 a wata mai biyowa. Kada ki zaɓi kaso da ka. Ki koma watan da aka yi cinikin, ki cire kayan, ki sake lissafi. Ya zama miliyan 4 da jika 800: jika 40 a matakin farko, sai kashi 3 na miliyan 2 da jika 800, jika 84, jimla 124. Kin biya 200, don haka jika 76 za ki cire. In kika buga kashi 5 a kan kayan duka, 80 za ki cire, kin ci masa jika 4, domin jika 200 daga cikin kayan a matakin kashi 3 aka biya su. In kuma kika zabge su daga cinikin sabon wata, kuma watan ya zo da sanyin kasuwa, yaron bai wuce miliyan 2 ba, to a kashi 2 za a cire, jika 32 kacal, ya riƙe 44 a kan kayan da ke jibge a ɗakin ajiyarki. Sai dai fa in yarjejeniyarku ta ce a watan dawowa ake cirewa, to ita za a bi, ko da ba ta yi miki daɗi ba.

Wani saurayi ya ce: Malam, mu da ake sayar da kaya bashi fa, wane wata cinikin yake shiga?

Ɗan'uwa, wannan ma takarda ce za ta faɗa: ko ranar da aka yanka faktir, ko ranar da kuɗi suka shigo. Kowanne aka zaɓa, a tsaya a kansa kowane wata. A kamasho mai kaso ɗaya, in faktir ta zame zuwa wata na gaba jinkiri kawai ka yi. A mai matakai kuwa hasara ce. Ka ɗauki faktir ta miliyan 1 da jika 400 ta ranar 29 ga wata. A watanta, a saman cinikinka take, jika 70 take ba ka. In aka tura ta watan da cinikinka bai wuce jika 500 ba, ta faɗa matakin kashi 2, jika 28. Don haka in takarda ta zo, ka dubi ranakun faktir biyar na ƙarshe da biyar na farko, ka gwada su da littafinka, kuma ka yi magana kafin ka sa hannu.