An Ce Ba A Ga Ƙwayar HIV A Jinina Ba, To Ina Ta Shiga?

Assalamu alaikum, masu kallo, daga nan Zariya muke zuwa muku. Takardar da kuke gani a allo sakamakon gwajin yawan ƙwayar HIV ne a cikin jini, kuma a layin ƙasa an rubuta "Target Not Detected", ma'ana na'urar ba ta ga ƙwayar cutar ba. Irin wannan takarda ce ake ta yawo da hotonta a wayoyi, wasu na cewa shaida ce ta warkewa, wasu kuma na jingina ta ga wani jiƙo ko gari da suke sayarwa. Takardar gaskiya ce, fassarar da ake yi mata ce ba daidai ba, kuma kuskuren ya samo asali ne daga mataki guda a rayuwar wannan ƙwayar cuta. Za mu bi sauran matakan da sauri, mu tsaya a kan wannan.

[Hoto: ƙwayar HIV tana kusantar sojan jiki]

Ƙwayar HIV ba ta iya hayayyafa ita kaɗai, dole sai ta shiga cikin wani nau'i na sojojin jiki da ake kira CD4, waɗanda su ne ke tsara wa sauran garkuwar jiki yadda za a yi yaƙi. Tana fara kama sojan ne ta wani maƙali da ke jikin fatarsa, sannan ta kama maƙali na biyu, sai fatarta ta narke cikin tasa ta zuba kayanta a ciki. Akwai magungunan da ke tare wannan ƙofa, irin su maraviroc da ke toshe maƙali na biyu, da enfuvirtide da ke hana fatun biyu haɗewa, amma ba su ne ake rabawa a asibitocinmu yau da kullum ba, don haka mu wuce.

Abin da ta zuba a ciki shi ne saƙonta, wanda aka rubuta da RNA, tare da ma'aikata uku: mai kwafa, mai ɗinki da mai yanka. Shi kuwa sojan jiki yana ajiye umarninsa ne a rubutun DNA, a wani kundi da ke can tsakiyarsa. Saboda haka mai kwafa, wanda sunansa a allo shi ne reverse transcriptase, yakan zauna ya mayar da saƙon daga RNA zuwa DNA, harafi bayan harafi. A nan ne rukuni biyu na magunguna suke aiki. Rukunin farko, wato tenofovir da lamivudine da abacavir da zidovudine, haruffan jabu ne: mai kwafa yana ɗaukar su a zaton na gaske ne, da ya dasa ɗaya a layi sai ya tarar babu inda harafi na gaba zai maƙale, rubutun ya tsaya cak. Zidovudine ne maganin HIV na farko da aka amince da shi, a shekarar 1987. Rukuni na biyu, irin su efavirenz da nevirapine, ba sa shiga layin rubutu, suna maƙalewa ne a gefen mai kwafan su murɗe masa hannu.

[Hoto: kundi a buɗe, allura da zare]

Yanzu mun iso wurin da nake roƙon ku ba ni hankalinku. Idan kwafin ya kammala, ana ɗaukarsa zuwa tsakiyar sojan, inda kundin yake. Mai ɗinki, wanda sunansa integrase, sai ya tsaga kundin ya cusa shafin ƙwayar cutar a tsakanin shafukan mutum, sojan kuma da kansa ya gyara bakin ɗinkin ya shafe shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu ɗinkin manyan riguna a cikin birnin Zariya ya san yadda gwani ke haɗa ƙyalle biyu har ido ya kasa gane inda ɗaya ya ƙare. To, wannan ɗinki ya fi nasu ɓoyuwa, domin tawada ɗaya ce, rubutu ɗaya ne, kuma daga wannan lokaci sojan ba ya bambanta shafin baƙo da nasa na gado.

Maganin da ke tare wannan mataki shi ne dolutegravir da 'yan'uwansa, raltegravir da bictegravir da cabotegravir. Mai ɗinki yana buƙatar sinadarin magniziyam a bakin allurarsa kafin ya yi aiki, shi kuwa dolutegravir yana zuwa ne ya damƙe wannan sinadari ya zauna a wurin, sai shafin ya rasa mai cusa shi. Ƙwayar maganin da mafi yawan manya ke karɓa a Nijeriya a yau, wadda ake kira TLD, magani uku ne a dunƙule: tenofovir miligiram 300, lamivudine miligiram 300, da dolutegravir miligiram 50. Biyu suna tare mai kwafa, ɗaya yana tare mai ɗinki. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake tambayar ku ko kuna shan farin maganin gyambon ciki na ruwa, ko maganin ƙarin jini, ko na ƙarin ƙarfin ƙashi, domin dolutegravir yakan damƙe sinadaran da ke cikinsu tun a ciki, kafin ya kai ga jini. Ƙa'idar ita ce a sha shi awa 2 kafin maganin gyambon cikin, ko awa 6 bayansa.

Amma ku lura da kyau, dolutegravir yana hana sabon ɗinki ne kawai, ba ya warware wanda aka riga aka yi. Babu kuma ko ɗaya cikin magungunan da muke da su da ke iya buɗe kundin soja ya nemo shafin ya yage shi. Mafi yawan sojojin da suka kamu suna mutuwa cikin 'yan kwanaki, su tafi da shafinsu. Sai dai akwai 'yan kaɗan da ke komawa hutu, waɗanda aikinsu shi ne tuna cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa, kuma an halicce su ne don su yi shekaru masu yawa a raye. Soja mai hutu ba ya karanta shafin, ba ya fitar da ƙwayar cuta, garkuwar jiki ba ta ga wata alama a jikinsa, magani ma bai sami ma'aikacin da zai kama ba. Kuma idan irin wannan soja ya rabu biyu, kundin gaba ɗaya ake kwafewa har da shafin, da kayan aikin jikin mutum, waɗanda maganin ba ya taɓawa. Ba su da yawa, kusan ɗaya ne cikin miliyan na sojoji masu hutu, amma masu bincike sun auna sun ga sai an yi wajen wata 44 kafin yawansu ya ragu da rabi, wanda lissafi ya nuna za a haura shekara 60 ana shan magani kafin su ƙare.

[Hoto: sabuwar ƙwaya tana ɓullowa daga jikin soja]

Sauran tafiyar gajere ce. Idan soja ya farka ya karanta shafin, yakan ƙera kayan sabuwar ƙwaya a dogon zare guda, su taru a bakin fatarsa su ɓullo waje. Sai mai yanka, wato protease, ya yayyanka zaren gunduwa-gunduwa kafin ƙwayar ta nuna ta iya kama wani. Lopinavir da atazanavir da darunavir suna toshe bakin almakashin, sai ƙwayar ta fito ɗanya, ba ta iya komai. Akwai kuma lenacapavir, allurar da ake yi sau ɗaya a wata shida, wadda ke lalata kwanson da ke ɗauke da saƙon.

Bari mu ɗauki misali, na ƙirƙire shi ne don lissafin ya fito fili. Wani ɗan kasuwa a Sabon Gari ya fara shan TLD yana da ƙwayar cuta 120,000 a kowace mililita ta jininsa. Tun daga makonnin farko adadin yake faɗuwa, domin sojojin da ke fitar da ƙwayar suna mutuwa, sababbi kuma ba sa kamuwa. Bayan wata shida aka ɗebi jininsa, takarda ta fito irin wadda muka gani da farko. Abin da na'urar ta ƙirga shi ne ƙwayoyin da ke yawo a ruwan jini, kuma idan suka yi ƙasa da iyakar ganinta, wanda yawanci 50 ne ko ƙasa da haka, sai ta ce ba ta gani ba. Ba ta leƙa kundin sojoji masu hutu ba, waɗanda yawancinsu ma ba a jini suke ba, suna cikin kaluluwa da bangon hanji.

Wannan sakamako babban abin farin ciki ne, kuma ina so a ji haka daga bakina. Sojojinsa za su farfaɗo, zai yi kasuwancinsa, kuma muddin adadin ya tsaya ƙasa da 200, ba zai sa wa matarsa cutar ta hanyar saduwa ba. To amma a ce ya ga takardar, wani ya ce masa, "Alhaji, ai ka warke, ka huta da shan ƙwaya haka nan," shi kuma ya ajiye kwalbar. Ko da ma can sojoji masu hutu suna farkawa jefi-jefi suna fitar da ƙwayar, maganin da ke jini ne yake hana ta kama na gaba. Cikin 'yan kwanaki maganin zai bar jikinsa, kuma ga mafi yawan mutane ƙwayar takan sake bayyana a gwaji cikin mako 2 zuwa 4, alhali mutum bai ji ko ciwon kai ba. Rashin jin komai ɗin nan shi ne abin da ya fi damuna, domin shi ke sa mutum ya gaskata mai jiƙo har sai tari da rama da gudawa sun zo bayan watanni ko shekaru. Sha yau a bari gobe kuma yana da nasa haɗarin, domin mai kwafa yana yawan kuskure, kuma idan magani ya yi ƙaranci a jini, kwafin da kuskurensa ya ba shi juriya ne zai tsira, a ɗinke shi a kundi shi ma. Idan adadin ya haura 1,000, ma'aikatan asibiti sukan zauna da mutum a kan yadda yake shan maganin, su sake gwaji bayan wata uku kafin su yanke cewa maganin ya daina aiki.

Wannan mataki na ɗinki shi ne kuma dalilin gaggawar da ake yi wa wanda allurar mai cutar ta soka a wurin aiki, ko wadda aka yi wa fyaɗe. A kwanakin farko ƙwayar ba ta riga ta bazu ta kafa shafukanta a cikin sojoji masu hutu ba, don haka idan magani ya riga ta isa, za a iya hana kamuwar gaba ɗaya. Ana fara shi ne cikin awa 72, kowace awa da aka rage kuma riba ce, sannan a sha shi kullum har kwana 28. Wanda abin ya same shi daren Juma'a kada ya jira Litinin, ya tafi sashen gaggawa na asibiti a daren ya faɗi abin da ya faru da kuma lokacin da ya faru.