Lacca: "An Ga Ruwa a Kan Jaririna"

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla.

Sau da yawa uwa takan shigo mini da takardar sikanin a hannu, ido ya yi ja, ta ce likita, an ce akwai ruwa a kan yarona. Abin da nake fara gaya mata shi ne, Hajiya, ni ma da nake zaune akwai ruwa a kaina. Allah ya halicci ƙwaƙwalwa da ɗakuna huɗu a cikinta masu ɗauke da ruwa garai-garai. A nan ake samar da shi, ya bi ta wata siririyar hanya daga ɗaki na uku zuwa na huɗu, ya fito ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka, sannan jini ya shanye shi. Jikin babban mutum yakan samar da kusan rabin lita kullum, amma abin da ke tsaye a lokaci guda bai fi mililita 150 ba.

Saboda haka idan hoto ya nuna wuraren ruwan sun faɗaɗa, tambayar ita ce: ruwan ne ya taru yana matsa ƙwaƙwalwa, ko wuri ya samu ya cike? Na farkon shi ake kira haidurosefalus. Hoto kaɗai ba kullum yake raba gardama ba, sai an haɗa da tef ɗin awo.

A riƙe waɗannan alƙaluma. Kewayen kan jariri a haihuwa kusan santimita 35 ne. Yakan ƙara 2 kowane wata a watanni ukun farko, sai 1 a wata har ya cika wata shida, daga nan rabi-rabi har shekara.

Mu ƙaddara an haifi yaro da 35. Da ya kai wata biyu muna sa ran 39, sai muka auna muka sami 43. Muka zaunar da shi yana shiru, ba kuka yake ba, domin kuka ma yana sa maɗiga ta taso. Muka taɓa, ta kumbura ta yi tauri. Ƙasusuwan kai sun buɗe har yatsa na jin ratar, jijiyoyin fatar kai sun fito ruɗu-ruɗu, ƙwayar ido ta yi ƙasa kamar rana za ta faɗi. Uwar ta ce ga amai, ga barci har nono ba ya kamawa. Aka ɗora na'urar sikanin a maɗiga, aka ga ɗakuna uku sun kumbura sun zama kewayayyu, na huɗu yana nan yadda yake. Kun ga hoton ya nuna mana inda aka toshe, wato waccan siririyar hanya. Wannan yaron ba a cewa a dawo wata mai zuwa, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa za a kai shi. Wasu da toshewar ake haifarsu. Wasu bayan sanƙarau ne, ko zubar jini a ƙwaƙwalwar bakwaini, ko tare da buɗaɗɗen gadon baya.

Yaro na biyu ɗan wata shida ne, kansa babba, amma maɗiga lafiya lau, yana wasa yana dariya. Ruwansa a waje yake, tsakanin goshi da ƙwaƙwalwa, ɗakunan kuwa da kyar suka ƙaru. Irin wannan nakan ce a kira mini uban in auna nasa kan, sau da yawa gado ne. Yawanci yakan daidaita kafin shekara biyu. Awo akai-akai yake buƙata, mu ga ko yana bin layinsa a katin girma.

Na uku shi ya fi ruɗar ma'aikata. Ɗakuna sun faɗaɗa, amma kan ƙarami ne ko ya daina girma. Ƙwaƙwalwar ce ta motse, misali bayan wahalar numfashi a haihuwa, ruwa ya cike gurbin. Babu matsi, don haka zuƙe ruwan ba zai amfane shi ba.

Wata 'yar'uwa can ta tambaya ko siti sikan, wato hoton da ake ɗauka a babbar na'urar haskawa, ya fi. Muddin maɗiga a buɗe take, kuma takan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ta rufe, na fi son sikanin ta maɗiga, don babu tiririn haskawa, ana iya maimaitawa kowane mako. Siti yana da shi, sai da dalili, kamar faɗuwa ko gaggawa.

Mai matsi, aiki iri biyu ake yi masa. Ko a sa siririn tiyo mai bawul, wato shant, ya bi ƙarƙashin fata ya kai ruwan cikin ciki, ko a huda ƙasan ɗaki na uku da kyamara don ruwan ya sami mafita, sai dai wannan bai cika ɗorewa ga 'yan ƙasa da wata shida ba. Tiyon kuma yakan toshe ko ƙwayar cuta ta kama shi. In yaro mai shant ya fara amai, ko barci fiye da kima, ko zazzaɓi, ko fatar da tiyon ya bi ta yi ja, ko maɗiga ta sake tasowa, a kai shi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.