Husufin 2027 da Burujin Asad: Ina Ainihin Wurin da Yake Faɗawa?

[Hoto: duwatsun Birni da hantsi, haske yana dusashewa]

Wanda ya yi wayo a 2006 zai tuna safiyar Laraba, 29 ga Maris, da rana ta yi zazzaɓi. Inuwar wata ta taso ta Gana, ta bi Togo da Benin da Najeriya, ta ratsa ƙasarmu ta Nijar ta nufi Libiya. A nan Damagaram hantsi ya koma kamar almuru, mutane suka nufi masallaci.

To, ga wani yana tafe ranar 2 ga Agusta 2027, kuma tun yanzu wani saƙo ya cika wayoyi, wai duk ɗan burujin Asad rayuwarsa za ta juya. Ƙanwata ta turo mini shi har sau uku. Haihuwar 20 ga Agusta ce, wato 'yar Asad, hankalinta ya tashi, kuma ko a lissafin masu ilimin taurarin kansu wannan husufi bai shafe ta ba.

[Hoto: da'ira an raba ta 12]

Da sauri. Taswirar haihuwa hoton sama ne a lokacin da aka haifi mutum. Da'ira ce mai daraja 360, buruji 12, kowanne daraja 30. A cikinta ake sa inda Rana take, da Wata, da Zuhura, Mirrihi, Mushtari, Zuhal da sauransu. Sai kuma turaku huɗu: ɗali'i, wato darajar da ke ɓullowa daga gabas a wannan lokaci, kishiyarsa ta yamma, tsakar sama, da ƙarƙashin ƙasa. Shi ke nan.

Ga inda ake tuntuɓe. Husufi a daraja ɗaya tak yake faɗawa, ba ya cika buruji. Na 2027 zai faɗa daf da daraja 10 ta Asad. Masu wannan sana'a suna ba da tazara 'yar kaɗan, yawanci daraja 2 ko 3 kowane gefe, masu sakin hannu su kai 5. In babu tauraro ko turke na haihuwarka cikin wannan tazara, a wurinsu husufin ya wuce ka kamar motar da ba taka ba.

[Hoto: kibiya a daraja 10, wata a daraja 27]

Rana tana tafiyar kusan daraja ɗaya kowace rana. Wanda aka haifa 2 ga Agusta, Ranarsa tana wajen daraja 10 ta Asad, shi ne husufin ya hau kansa. Daga 30 ga Yuli zuwa 5 ga Agusta suna cikin tazara. Ƙanwata kuwa Ranarta tana wajen daraja 27. Tsakaninsu daraja 17, kamar a ce gobara ta tashi a unguwar Zango, kai kana unguwar Birni kana kwashe kayan ɗaki.

Abin dariyar, akwai waɗanda saƙon bai ambata ba alhali lissafin ya kama su. Haifaffun wajen 30 ga Janairu Ranarsu tana daraja 10 ta Dalwu, daidai kishiyar wurin, kuma ana ƙirga kishiya kusan kamar haɗuwa. Haka duk mai Wata ko Zuhura a wannan daraja, ko a wane wata aka haife shi.

Me suke karantawa in ya hau? Tauraron da aka taɓa shi ne yake ba da maganar. In Rana ce, sai su ce matsayi da girma, ko al'amarin mahaifi. Wata, gida da uwa. Zuhura, aure da soyayya. Tsakar sama, sana'a da sunan mutum a gari. Ɗali'i, jiki da alƙiblar rayuwa gaba ɗaya. Husufin rana suna ɗaukarsa buɗe sabon babi, na wata kuma rufe tsoho ko fitowar abin da ke ɓoye. Yawancinsu suna ba abin kamar wata shida, zuwa zagayowar lokacin husufi na gaba.

[Hoto: tsohuwar takardar haihuwa, an rufe sunan]

Yanzu turakun, nan ne nake so mu zauna. Taurari suna tafiya a hankali, amma turaku juyawar duniya suke bi. Ɗali'i yana matsawa daraja ɗaya cikin kusan minti huɗu. Tazarar daraja 3 ke nan ba ta wuce minti 12 ko 13 ba.

Mu ɗauki misali. A ce an haifi yarinya a Damagaram tsakiyar Maris, wajen ƙarfe uku da rabi na yamma. Ɗali'inta zai zo kusa da daraja 10 ta Asad, husufin 2027 ya sauka a kansa ke nan, mai duba ya ce mata babban sauyi na tafe. Sai a je a tambayi Inna. Inna ta ce, "Ai ana kiran la'asar kika faɗo." La'asar a wannan lokaci wajen ƙarfe huɗu ce. Ɗali'i ya riga ya kai daraja 18. In kuma an idar da salla ne, huɗu da rabi, ya kai 25. Yarinya ɗaya, rana ɗaya, gari ɗaya, sauyin rayuwar ya ɓace saboda rabin sa'a.

Mu nawa ne muka san mintin haihuwarmu? Da yawa cikinmu takarda 1 ga Janairu ta rubuta mana, don ba a riƙe ranar ba, balle sa'a. In ka zuba wannan kwanan wata cikin manhaja, za ta zana maka taswira tsaf, har da launi, amma ta wani ce can daban. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: sauya lokacin da minti 15 gaba, sannan baya. In turken ya fice daga tazara, maganar ba ta da ƙafa.

[Hoton ya ƙare a nan, a bar fuskata]

Wani abu da ni kaina ya burge ni. Husufi kan komo kusan daraja guda bayan shekara 19. Ranar 1 ga Agusta 2008 an yi cikakken husufin rana a daraja 9 da rabi ta Asad, an gan shi a Rasha da Sin. Don haka duk wanda aka ce na 2027 zai juya masa rayuwa, in an haife shi kafin 2008, na wannan shekarar ma ya hau kansa. Sai ya tuna abin da ya same shi a lokacin. Amma a yi gaskiya, wane ne zai duba wata shida na rayuwarsa ya rasa aure, ko rasuwa, ko tashi daga gida? Shi ya sa nake cewa lissafin darajar ilimi ne na gaske, ana iya bin sa a tabbatar, fassarar kuwa binciken kimiyya bai samu hujjarta ba.

Malamanmu kuma maganarsu sananniya ce. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar. Ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya yi umarni da salla. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim.

[Hoto: taswirar hanyar inuwar 2027]

Cikakken duhun 2027 zai bi Maroko, Aljeriya, Tunusiya, Libiya, Masar, ya haye Saudiyya, a Luksor ya wuce minti shida. Mu nan ɓangare kawai za mu gani. Kada a kalle shi da ido tsirara, kuma baƙin tabarau na kasuwa ba ya kare ido, sai wanda aka yi don husufi. Ƙanwata, na san kina kallo, ki daina turo mini saƙon nan.