Bangon tare ƙasa a fili mai gangare: faɗin gindi, tsakuwa da ramukan fitar ruwa

Wannan lacca ce da wani injiniyan gine-gine ya yi wa magina da masu filaye a Yamai, an rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Malamai magina, iyayenmu masu filaye, barkanku da zuwa.

Duk wanda ya san Yamai ya san gari ne da ke kan tudu yana gangarowa kogin Isa. Ku dubi bakin kwarin Gunti Yena, ko gangaren Yantala da Gamkalle. A irin wuraren nan mutum zai sayi fili, ya tarar bayansa ya fi gabansa tsawo da mita ɗaya da rabi. Ko dai ya yanke tudun, ko ya yi ciko. Ko wanne ya zaɓa, akwai ƙasar da za ta tsaya a tsaye, kuma dole a samu abin da zai riƙe ta. Abin da aka saba yi shi ne a ja katangar bulo irin ta zagaye gida, a zuba ƙasa a bayanta. Katangar zagaye aikinta tare ido da awaki. Bangon tare ƙasa kuwa ana tura shi ne daga gefe, dare da rana.

Bari mu ɗauki fili guda mu yi lissafinsa. Bambancin sama da ƙasa mita 1.5 ne. Tushe zai nutse santimita 50 cikin ƙasa mai ƙwari, don haka tsawon bangon daga gindin tushe zuwa kansa mita 2 ne. Da wannan mita 2 ake lissafi, ba da abin da ido ke gani ba. Ƙasar rairayi irin tamu tana da nauyin kamar tan 1.8 a kowace mita kubik, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ne ke komawa turi zuwa gefe. Turin babu shi a sama, yana ƙaruwa ne yayin da ake nutsawa, shi ya sa ake ɗaukar rabi. Ga shi na rubuta a allo:

P = ½ × ⅓ × 1.8 × 2² = 1.2

Wato tan 1.2 a kan kowace mita ɗaya ta bangon, nauyin buhun siminti 24. Ku lura da 2 ɗin nan da aka ninka da kanta. In bangon ya kai mita 3, turin ba ƙaruwa da rabi zai yi ba, tan 2.7 zai koma. Shi ya sa ƙarin layi uku ko huɗu da maigida ke cewa a ɗora daga baya ba ƙaramin abu ba ne.

To, me zai tsaya wa wannan turi? A bangon dutse, nauyinsa ne da faɗin gindinsa. Ƙa'idar da ake farawa da ita: faɗin gindi ya kasance tsakanin rabin tsawo da kashi 7 cikin 10 na tsawo. A namu mu ɗauki gindi mita 1.2, kai santimita 40, bayan bangon a miƙe, fuskarsa tana kwantawa zuwa ciki yayin da ake hawa. Dutse da kwaɓin siminti a wannan siffa zai yi nauyin kamar tan 3.5 a kowace mita. Ƙarfin da yake da shi na ƙin kifewa ya ninka wanda ke son kifar da shi fiye da sau 3. Zamewa kuma, gogar gindinsa da ƙasa tana riƙe kamar tan 1.9, alhali turin tan 1.2 ne. Ana son rarar ta kai aƙalla ninki ɗaya da rabi, kuma ta kai. Katangar bulo mai kaurin santimita 20 fa? A wannan tsawo, nauyinta na riƙe kamar kashi ɗaya cikin goma ne kawai na abin da ke son kifar da ita. In kun ga ta tsaya shekara biyu, ginshiƙai ne da busasshiyar ƙasa suka rufa mata asiri.

Na san abin da ke ran wasunku: gindi mita 1.2 ai ya ci fili, ya ci dutse. Gaskiya ne. Mutanen Adar da dutse ke bakin ƙofarsu sun fi mu sauƙi a nan. Wanda filinsa ya matse yana iya yin bangon kankare da ƙarfe, siriri a tsaye, amma shi ma tafinsa a ƙarƙashin ƙasa yana shimfiɗuwa kusan wannan faɗin, ƙasar cikon ce ke danne shi. Faɗin bai ɓace ba, ɓoye shi aka yi.

Yanzu ga abin da ya tara mu. Duk lissafin nan da na yi, na ƙasa ne wadda ruwa bai kwanta a cikinta ba. Ruwan Yamai a matsakaiciyar shekara bai cika wuce milimita 600 ba, amma a ƴan watanni yake zuba, mafi yawa a Yuli da Agusta, wani lokacin kamar da bakin ƙwarya. In ruwa ya cika bayan bangon nan har sama, shi ba ya yin kashi ɗaya cikin uku, da dukkan nauyinsa yake turi: rabin 2 sau 2, tan 2 ke nan. Ƙasar da ke cikin ruwan ta ɗan yi sauƙi, tana ƙara kamar tan 0.7. Jimla tan 2.7. Bangonmu mai kyau, mai faɗin gindi, tan 1.9 yake riƙewa kafin ya zame. Kun ga ke nan ya tafi. Kuma ban ma sa ruwan da ke shiga ƙarƙashin tushe yana ɗaga shi yana tausasa ƙasar ba. Saboda haka ba a ce bango ya ƙi ruwa ba, hanya ake ba ruwan ya wuce.

Hanyar farko ita ce ramukan fitar ruwa, waɗanda kuke kira barbakan. Tiyo ne na roba mai faɗin milimita 75 zuwa 100, ana kwantar da shi a cikin bangon tun ana gini, ba a dawo ana fasa bango da guduma ba. Layin farko ya zauna santimita 15 zuwa 20 sama da ƙasar da ke gaban bangon, tazarar mita 1 zuwa 1.5 tsakanin rami da rami. Bakin waje ya ɗan sunkuya ƙasa, don ruwa ya gangaro. Layi na biyu ya zo kamar santimita 80 sama da na farko, kowane rami a tsakiyar biyun da ke ƙasansa. Layin ƙasa shi ne mai aikin. Na sha ganin bango da aka jera wa ramuka a tsakiya don kyau, ƙasansu kuwa mita guda na ruwa na kwance.

Amma rami shi kaɗai, da ƙasa manne a bakinsa, damina ɗaya zai toshe. Dole a bayan bangon a tsayar da tsakuwa mai kaurin aƙalla santimita 30, daga gindi har kusa da sama. Tsakuwar kankare mai girman milimita 15 zuwa 25, wankakkiya, ba mai gari ba. Tsakanin tsakuwa da ƙasa a shimfiɗa ƙyallen tace ruwa, jiyotekstil, wanda ruwa ke ratsawa ƙasa ba ta bi. In ba a samu ba, a sa yashin kogi mai kaushi a tsakani. Kada a sa leda. Leda tana tare ruwan ne, ta mai da aikin baya. In bangon dogo ne, a kwantar da tiyo mai huji-huji na milimita 100 a gindin tsakuwar, da gangaren santimita 1 a kowace mita, a fitar da bakinsa inda ruwa ke da mafita.

Cikon da ke bayan tsakuwar ya zama rairayi ko burji. Laka tana riƙe ruwa, tana kumbura, ba ta da wuri a nan. Sharar bola da ɓaraguzan tsohon gini da wasu ke karɓa kyauta su ma haka. A bar bangon ya yi aƙalla mako biyu ana ba shi ruwa kafin a fara ciko, siminti kuwa sai kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. A zuba santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daɓe da hannu, a ƙara. Tifa ba ta matsowa bakin bango ta juye. A can sama, santimita 30 na ƙarshe a rufe tsakuwar da jar ƙasa daɓaɓɓiya ko daɓen siminti, a karkatar da shi nesa da bangon, don ruwan tsakar gida da na indararo kada su mai da tsakuwar magudana. Ramin ruwan wanka da masai kuma a nisanta su.

Wani magini daga cikin masu sauraro ya ce: Malam injiniya, mu matsalarmu maƙwabcin ƙasa ne. Ya ga ruwa na ɗiga gidansa, sai ya kwaɓa siminti ya liƙe ramukan.

Malam, wannan ita ce ta fi yawa. Kuma in bangon ya faɗi, gidan wanda ya liƙe ɗin zai faɗa. Amma shi ma yana da hakki, ba a zuba wa mutum ruwa a tsakar gida. A ja bangon baya kaɗan cikin filin mai shi, a yi ƙaramar kwata ta siminti a gabansa, faɗin santimita 30, ta tattara ruwan ramukan ta kai titi. In babu wurin kwata, tiyo mai hujin nan na baya shi zai ɗauki aikin duka, a fitar da shi ta ƙarshen bango. A yi maganar da maƙwabci kafin a haƙa tushe. Masu tsoron ɓera da maciji su sa ragar waya a bakin ramin.

Wata hajiya ta ce: To mu da muka riga muka gina, yaya za mu gane yana lafiya?

Hajiya, ki fita bayan an yi ruwa mai ƙarfi ki duba ramukan ƙasa. In suna fitar da ruwa garau, alhamdu lillahi. In ruwan na fitowa da yashi, ƙasa ce ke zurarewa daga baya, za ki ga daɓen sama ya fara lotsawa. In ramukan a bushe suke amma bangon ya jiƙe ya yi duhu, sun toshe, a zura sandar ƙarfe a buɗe su. Sannan ki sa magini ya kafa ƙusa a kan bangon, ya saki igiya mai nauyi a ƙasa, ya auna tazarar igiyar da gindi, a rubuta. A sake aunawa a ƙarshen damina. In tazarar ta canza, bangon na tafiya. Tsagewa a kwance, ko ciki da ya turo a tsakiya, ko rata da ta buɗe tsakanin ƙasa da kan bangon, waɗannan ba na shafe da siminti ba ne. A kwashe yara da shimfiɗa daga gindinsa, a rage ƙasar da ke bayansa, a kira injiniya. Haka ma duk bangon da ya wuce mita 2, ko wanda ɗaki ko mota za su zauna kusa da bakinsa ta sama: lissafin da na yi a allo bai ɗauki wannan nauyin ba, sai an gwada ƙasar wurin an yi masa nasa lissafin.