Albashin da ake mayarwa a kanti: lacca kan ɗaukar ma'aikata don kyan fuska

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku nake so mu duba a yammacin nan, in lokaci ya bari.

Ku bi ta bakin Wunti ko titin Ahmadu Bello a nan Bauchi, ku karanta takardun da ake liƙawa a ƙofar otal da manyan kantuna. Ana neman budurwa, shekara 18 zuwa 25, mai kyan gani, a haɗo da hoto na tsaye. Hoto na tsaye fa. Mai neman wanda zai riƙe masa littafin baƙi da kuɗin ɗaki, me zai yi da hoton tsaye? Wani ma ba ya rubutawa, sai yarinya ta zo ya dube ta sama da ƙasa, ya ce za a kira ta. Idan baƙa ce, ko mai jiki, ko tana ɗingishi, wayar nan ba za ta taɓa ƙara ba. Wannan zalunci ne a fili, kowa ya gane shi. Ni wadda aka ɗauka nake so mu duba, wadda ake cewa ta yi sa'a.

Na farko, lissafi. Mai biro ya rubuta. Mu ɗauka, a matsayin misali, an ɗauki yarinya teburin karɓar baƙi a kan naira 45,000 a wata. An gaya mata kullum ta zo tsaf. Me tsaf ke ci? Kitso da gyaran gashi sau biyu a wata, mu ce 4,000. Hoda, jambaki da kwalli, 5,000. Turare, 3,000. Takalmi mai tsini da aka ce dole ne, na 12,000, wanda tsayuwar yini ke cinyewa cikin wata uku, ya zama 4,000 a wata. Sabulu da guga, 3,000, kuma kun san ranar da babu wuta sai an nemi gawayi. Nawa ke nan? 19,000. Ku canza farashin yadda kasuwar Muda Lawal ta nuna muku, tsarin ba zai canza ba. Saura 26,000, ba a cire kuɗin keke ba, ba a ci abinci ba.

Duk wannan kayan aiki ne. Don mai otal ake shafa shi, baƙinsa ake jawowa da shi. Mai gadi, shi ke sayen tocilan? A wurin da ake adalci, ba shi tocilan ake yi. Amma ita sai ta sayi kayan aikinta daga albashinta, kuma ba ya fitowa a kowane littafin lissafi. Ga lokaci: awa guda kowace safiya a gaban madubi, kwana 26, awa 26 ke nan, ya fi aikin kwana uku na awa takwas-takwas. Babu mai biyanta.

To sai man shafawa. A nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri.

Ba a rubuta wa yarinya cewa ta yi bilicin. Abin da ake yi, ta ga wa aka sa a gaba, wa aka tura kicin ko wankin zanen gado. Ba sai an yi mata bayani ba. Sai ta je wurin mai haɗi, a zuba mata a roba marar suna. Me ke ciki? Yawanci ɗaya daga abubuwa uku, wani lokaci duka. Akwai haidurokwinon, mai hana fata yin launinta. Akwai sitiroyid mai ƙarfi, maganin da likitan fata ke bayarwa na ɗan gajeren lokaci don wata cuta, aka mayar da shi man kullum. Akwai zaiba, wadda hukumar NAFDAC ta hana sawa a kayan shafa, domin tana ratsa fata ta shiga jini ta taɓa ƙoda, kuma tana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki.

Yaya ake ganewa? Iyaye mata, ku saurara. Ku dubi gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu: fuska ta yi haske, su sun tsaya baƙi. Ku dubi kumatu: fata ta yi siriri har ƙananan jijiyoyi suna nunawa. Nankarwa mai faɗi ta fito a hannu da cinya ba tare da ciki ko ƙiba ba. Ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Idan aka daɗe a kan haidurokwinon, ga rana irin tamu ta watan Maris da Afrilu, sai baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi ya kwanta a kan ƙashin kumatu, kuma wannan tabon yana da wuyar fita ƙwarai. Tarkon kuwa a nan yake: ranar da ta daina sitiroyid farat ɗaya, fuskar za ta yi ja, ta yi zafi, ƙuraje su feso. Sai ta tsorata ta koma. Shi ya sa ba a cewa kawai ki jefar. A kai ta asibiti wurin likitan fata, da robar a hannu, a rage mata a hankali.

Ku ƙara 6,000 na mai a lissafinmu. Saura 20,000. Kuma ku lura, farin da aka ɗauke ta dominsa shi ne ya fara lalacewa. Ranar da tabo ya fito, sai a ce baƙi suna ƙorafi, a kawo wata 'yar shekara 19.

Na biyu… a'a, wannan na uku ne ko? Bari in haɗa su. Tsayuwar awa goma a kan tsini tana kawo ciwon baya da na gwiwa. Baƙon da ya fahimci don kyau aka ajiye ta yana ɗauka har da ita aka sa a farashi, ya nemi lambar waya, ita kuma an ce kada ta ɓata wa baƙo rai. Sannan shekaru su wuce ba a koya mata kwamfuta ko lissafin kuɗi ba, ta fita hannu wofi. Samarin kantin waya da na sutura ma suna ciki: aski duk mako, shadda mai sitaci, agogo, duk daga aljihunsu.

Hajiya, na ga hannunki, bismillah.

Wata mata daga cikin masu sauraro ta ce 'yarta na aiki a wani otal, an cire mata kuɗin yunifom, kuma ana yanke 1,000 duk ranar da ta zo babu kwalliya. Ta ce ko doka ta yarda?

Hajiya, tarar nan ba ta da gindi. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana yanke albashi da sunan tara. Abin da ya bari shi ne a cire wani abu daidai gwargwado idan ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko sakaci, shi ma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tun da farko. Rashin jambaki ba asara ba ne. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ta takarda mai ɗauke da albashi da sharuɗɗa. An ba ta? Ba a ba ta ba. To daga nan za ku fara. Ku kuma ƙirga ma'aikatan wurin: idan sun kai 25, mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ya hau kansu.

Daga yau ta sami ƙaramin littafi, ta rubuta kwanan wata, nawa aka yanke, wa ya yanke, me ya ce. Kada ta goge saƙon banki ko ɗaya. Kada kuma ta je ita kaɗai, ta nemi abokan aikinta biyu ko uku da ake yi wa haka, su kai littattafan ofishin ƙwadago na tarayya a nan Bauchi. In abin ya ƙi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ki tsaya bayan an tashi, Hajiya, in nuna miki yadda za ta ja layukan littafin.