Yadda za ku taƙaita rahoton kamfen mako-mako da PivotTable

To, ga fayil ɗin da aka sauko da shi daga dandalin talla, na buɗe shi a Excel. Kowane layi rana ɗaya ce ta kafa ɗaya. A sama akwai Date, Channel, Impressions da Clicks, wato kwanan wata, kafar da tallar ta fita, sau nawa aka nuna ta, da sau nawa aka danna. Tambayar shugaban aiki ita ce: kowane mako, wace kafa ce ta kawo dannawa nawa?

Kafin komai, ku gangara can ƙasan fayil ɗin. In kun ga layin Total, ku goge shi, don in ya zauna za a ƙirga komai sau biyu. Sai ku danna cikin bayanan, ku latsa Ctrl+T. Yanzu ya zama tebur, kuma duk layin da kuka ƙara daga baya zai shiga lissafi da zarar kun danna Refresh.

Sai maganar mako. Fayil ɗin ranaku ya ba mu, makon kuwa mu za mu haɗa shi da kanmu. A gefen dama ku buɗe sabon ginshiƙi, ku sa masa suna Week, ku rubuta wannan:

```
=A2-WEEKDAY(A2,2)+1
```

Abin da yake yi shi ne mayar da kowace rana zuwa Litinin ɗin makonta. Ku dubi wannan layin: 6 ga Maris 2025, Alhamis ce, rana ta 4 idan an fara ƙirga daga Litinin. A cire 4 daga 6, a ƙara 1, an dawo 3 ga Maris. Duk ranakun wannan makon, har Lahadi, 3 ga Maris za su nuna. In kun ga 45719 a maimakon kwanan wata, kada gabanku ya faɗi, haka Excel ke ajiye ranaku a cikinsa. Ku mayar da ginshiƙin Short Date kawai. Amma in #VALUE! ya fito, to kwanakin rubutu ne zalla, ba a ɗauke su a matsayin kwanan wata ba. Alamarsu, sukan manne a gefen hagu na gidansu. Text to Columns da ke ƙarƙashin Data zai gyara su.

Yanzu Insert, sai PivotTable, wato teburin da ke tattara bayanai ya taƙaita su, sai OK. Ku ja Week zuwa Rows, Channel zuwa Columns, Clicks zuwa Values. Shi ke nan, makonni sun jeru daga sama zuwa ƙasa, kafofi sun jeru a kwance. In Excel ya yi karambani ya tattara makonnin zuwa watanni, danna-dama a kansu, ku zaɓi Ungroup.

Ku leƙa Values, ku tabbata Sum of Clicks aka rubuta. Count of Clicks yawan layuka yake ƙirgawa, shi ya sa za ku ga 7, 7, 7 a jere, kwana bakwai ke nan. Ana canza shi a Value Field Settings. Haka nan in Email ya fito sau biyu, galibi ɗayan yana da tazarar da ido ba ya gani a ƙarshensa. A gyara a tebur, a yi Refresh.

Ga kuma inda na fi so ku natsu. Yawancin irin wannan fayil yana zuwa da CTR, kason waɗanda suka danna cikin waɗanda aka nuna wa. Hannu zai so ya ja shi zuwa Values ya zaɓi Average. Ku bari tukuna, mu gwada da kwana biyu. Litinin an nuna talla sau 100, an danna sau 10, kashi 10 cikin ɗari ke nan. Talata an nuna sau 900, an danna sau 18, kashi 2. Average zai haɗa 10 da 2 ya raba biyu, ya ce kashi 6. Alhali dannawa 28 ce cikin 1000, wato kashi 2.8. An ninka gaskiya fiye da sau biyu, saboda an ba ranar mutum ɗari nauyi ɗaya da ranar mutum ɗari tara.

Gyaran yana PivotTable Analyze, sai Fields, Items, & Sets, sai Calculated Field. A wurin Formula ku sa:

```
=Clicks/Impressions
```

Da wannan, sai ya tara dannawar makon gaba ɗaya, ya tara nunawar, sannan ya raba. Ku mayar da shi Percentage, ga 2.8 ɗinmu ta fito.

Kafin ku tura wa kowa, ku dubi makon farko da na ƙarshe. Kamfen ɗin nan ranar Alhamis ya fara, saboda haka kwana huɗu ne kawai a layin 3 ga Maris. Ku rubuta hakan a gefensa, kada mai karantawa ya zaci mako na biyu ne ya yi tashin gwauron zabi.