Fodkas: Kuɗin tallar kaɗan ne, Google za a ba ko Facebook?

Hadiza: Masu sauraro barkanmu da warhaka. Ina tare da Malam Sabi'u da kuma Nura. Tambayar yau daga mai ƙaramin shago take. Ya ware ɗan abin da zai iya warewa na talla a wata, yana so ya san inda zai zuba shi: tallar da ke fitowa idan mutum ya yi bincike a Google, ko wadda ke faɗo masa yana cikin duba Facebook da Instagram. Malam, kai ka fi mu daɗewa a harkar.

Malam Sabi'u: To, ni kafin in amsa sai na tambaye shi abu ɗaya. Kayan da yake sayarwa, mutane na nemansu da suna, ko sai sun gani suke sha'awa?

Nura: Malam, ai kowane kaya ana nemansa.

Malam Sabi'u: A'a, Nura. Ɗauki mai sayar da cajar laftof da batirinta. Ba wanda ke sayen caja don ta burge shi. Tasa ce ta ƙone, aiki ya tsaya, sai ya rubuta sunan laftof ɗin da lambarta yana nema. Wannan mutumin kuɗinsa na hannu. Amma mai ɗinka jakunkuna da zanensa na kansa fa? Wa zai rubuta sunan jakar da bai taɓa sanin akwai ta ba? Sai dai hotonta ya gilma masa, ransa ya biya. Na farko Google ne gidansa, na biyu Instagram.

Hadiza: Idan mutum bai tabbatar da ɓangaren da yake ba fa?

Malam Sabi'u: Ya buɗe asusun Google Ads, ya shiga Keyword Planner, ya rubuta sunan kayan, ya zaɓi yankin da yake iya kai kaya. Zai ga ƙiyasin masu nema a wata da kuma abin da ake biya a kan dannawa ɗaya. Idan masu neman ba su taka kara sun karya ba, magana ta ƙare. Ko ya saka sunan kayan a matsayin kalmar da tallarsa za ta fito da ita, Google zai rubuta mata "Low search volume", tallar ba za ta fito ba.

Nura: Ni dai da ni ne, raba kuɗin zan yi gida biyu, in ga wanda ya fi.

Hadiza: Yawwa, shawarar da kowa ke bayarwa ke nan.

Malam Sabi'u: Shawara ce mai kyau ga mai kuɗi da yawa. Ga mai ƙaramin ƙarfi kuwa, taura biyu ba ta taunuwa. Bari mu yi lissafi. Alƙaluman nan misali ne kawai, kowa ya sa kuɗin ƙasarsa. A ce kasafin wata 3,000 ne, kusan 100 a rana ke nan. A ce kowace dannawa a Google tana cin 10. Mutum nawa za su shigo?

Nura: 300 a wata.

Malam Sabi'u: A ce cikin kowane 100, uku ne ke saye. Ciniki tara. Yanzu raba kuɗin biyu: ciniki huɗu ko biyar a nan, wataƙila uku ko shida a can. Da wannan za ka yanke hukunci? Mutum ɗaya ya fasa saye saboda wayarsa ta mutu, sakamakon ya juye. Ka kashe kuɗin wata, ba ka koyi komai ba.

Hadiza: Tsaya Malam, ni cinikin taran nan ne ya tsaya mini a rai. An ci riba kuwa?

Malam Sabi'u: Wannan ita ce tambayar. Idan ribar caja ɗaya 200 ce, tara sun ba ka 1,800. Ka kashe 3,000. Asarar 1,200, alhali allon Google yana nuna maka an danna sau 300, kana murna.

Nura: Ashe Google ɗin ma bai yi wa mai cajar ba.

Malam Sabi'u: Bai yi wa cajar ba. Juya lissafin ka gani. Riba 200, masu saye uku cikin 100, wato dannawa 100 tana kawo 600. Ke nan duk dannawar da ta wuce 6, daga aljihunka kake cikawa. Amma shagon nan yana da batiri, a ce ribarsa 500. Ciniki tara ya zama 4,500, an mayar da kuɗin talla har da rarar 1,500. Sai ka tallata batirin kaɗai. Wanda ya zo sayen batiri, ka nuna masa cajar ba tare da ka biya kuɗin talla ba.

Hadiza: Wato ba shagon ake tallatawa ba, kaya ɗaya ake zaɓa.

Malam Sabi'u: Ɗaya, ko biyu in an matsa. Kuma sai an toshe wuraren da kuɗin ke yoyo, don Google in ka bar shi yadda ya zo, hannunsa a sake yake.

Nura: Wannan na sha gani. Mai talla ya rubuta kalmarsa haka siddan, ba alama, sai tallarsa ta riƙa fitowa ga mai neman yadda ake gyaran batiri da kansa, da mai neman aiki a kamfanin batiri.

Malam Sabi'u: Shi ne abin da suka rubuta "Broad match". Mai ɗan kasafi ya sa kalmarsa tsakanin alamun zance, ko cikin baka mai kusurwa, don a matse ta kusa da abin da yake nufi. Sannan duk bayan kwana biyu ko uku ya buɗe shafin "Search terms". A nan zai ga ainihin abin da mutane suka rubuta kafin su danna. Duk wadda ba ta mai saye ba ce, irin su kyauta, gyara, yadda ake, ya jefa ta cikin "Negative keywords", jerin kalmomin da ba ya so tallarsa ta fito a kansu.

Hadiza: Akwai kuma maganar wuri, ko? Na ji ana kuka da ita.

Nura: Ƙwarai, Anti Hadiza. A saitin wuri, zaɓin da yake zuwa da shi shi ne "Presence or interest", wato har wanda ba ya yankinka amma ya nuna sha'awar yankin zai iya ganin tallar. In kai kaya nesa ba ya cikin tsarinka, mayar da shi "Presence". Ka kuma cire alamar da ke kan Display Network, kada kuɗin bincike ya tafi hotunan da ke liƙe a shafukan mutane.

Malam Sabi'u: Ƙarin abu ɗaya, don kada gaban mutum ya faɗi. In ka sa 100 a rana, Google na iya cin har ninki biyu a wata ranar. Amma a wata ba zai caje ka fiye da kasafin rana sau 30.4 ba.

Hadiza: To mu koma kan mai jakunkuna. Shi dai ya danna "Boost post" ya huta?

Nura: Maɓallin nan ya cinye kuɗin mutane ba kaɗan ba. Ba wai ba ya aiki ba ne. Abin da ka roƙa shi yake ba ka. Ka ce kana son a yi mu'amala da hoton, sai Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, ta nemo maka mutanen da aikinsu ke nan, danna alamar so da rubuta "nawa ne", su wuce. Ka tara ɗaruruwa, ko jaka ɗaya ba ta fita ba.

Hadiza: To ya ce sayayya yake so mana.

Nura: Nan ma akwai tarko. Meta da kanta ta ce rukunin talla na buƙatar sakamako kusan 50 cikin mako guda kafin ya gama koyon waɗanda ya dace ya nuna wa. Da 3,000 a wata, kana da kusan 700 a mako. Raba 700 gida 50, ya zama 14. Ina za ka samu mai saye a kan 14? Shi ya sa za ka ga an rubuta maka "Learning limited" a Ads Manager, allon sarrafa tallar Meta.

Malam Sabi'u: Tallar ba ta tsayawa fa. Tana tafiya, sai dai da lalube, yau da kyau gobe babu.

Nura: Haka ne. Mafita ita ce ka roƙi abin da ya fi sayayya arha amma yana kusa da ita, wato saƙo. Tallar da in an danna ta buɗe hira a WhatsApp ko Messenger. A ce saƙo ɗaya ya ci 30, ka samu 100 a wata. Har yanzu ba ka kai 50 a mako ba, amma ka matso. In mutum ɗaya cikin goma ya saya, jaka goma ke nan. Riba 400 a kowace, 4,000. Ka tsira da 1,000.

Hadiza: Ni abin da ba na so a wannan ɓangaren, ba a lissafa wahalar. Saƙo 100 fa mutum 100 ne za ka amsa wa, casa'in daga ciki su ɓace bayan sun ji farashi. Ga ɗaukar hoto da bidiyo. Tallar Google rubutu ce, ka rubuta sau ɗaya ta yi watanni.

Malam Sabi'u: Gaskiyarki. Kuma hoto yana tsufa. In yankinka ƙarami ne, mutanen nan dai su ne za su yi ta ganinsa. Ka duba "Frequency", shi ke nuna matsakaicin sau nawa mutum ɗaya ya gani. Ka ga yana hawa, kuɗin saƙo ma yana hawa, to sun gaji, a sake hoto.

Nura: Amma Malam, a yi wa Instagram adalci. Ba ya buƙatar shafin intanet. Google kuwa, in ka tura mutum shafin da ke jan ƙafa wajen buɗewa, ko ka sauke shi a shafin farko ya yi ta neman batirin, ka biya 10 ɗinka a banza.

Malam Sabi'u: Na yarda. Wanda ba shi da shafi mai kyau, ko da kayan nema yake sayarwa, ya fara gyara wannan tukun. Kafin nan ya yi rajistar Google Business Profile, kyauta ce, shagonsa ya fito a taswira da lambar waya da lokutan buɗewa.

Hadiza: Saura abu ɗaya. Wata ya ƙare, ta yaya zai san tallar ce ta kawo cinikin? Yawancin ƙananan shaguna a waya ko a bakin kanta ake ƙarasa ciniki, allon talla ba ya gani.

Nura: Littafi da biro. Duk wanda ya saya, a tambaye shi a ina ya ji labari, a rubuta. A tallar WhatsApp ma da sauƙi, don kana iya tsara saƙon farko da zai fito wa mutum a rubuce. Sa wata jimla da ba ka amfani da ita ko'ina, duk hirar da ta fara da ita ka san daga ina take.

Malam Sabi'u: Kuma ya bar ta ta yi watan cur. Masu sauya hoto yau, su taɓa kasafi gobe, su canza yanki jibi, duk babban gyara yana mayar da Meta farkon koyo.

Hadiza: Idan watan ya cika, lissafin bai fita ba fa? Ya koma ɗaya ɓangaren?

Malam Sabi'u: Ya fara duba inda aka tsaya. An danna amma ba a yi magana ba, matsalar shafi ce ko farashi, komawa wani dandali ba zai gyara ta ba. An yi magana amma ba a saya ba, ya duba minti nawa yake ɗauka kafin ya amsa. In kuwa duk waɗannan lafiya lau, kuɗin dannawar ne kawai ya fi ƙarfin ribar, to nan ne zai kwashe kasafin gaba ɗaya ya gwada ɗayan a wata mai zuwa.

Hadiza: Nura, Malam Sabi'u, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa.